Takalmin tsere mai fallen kabon: me mai gudun sha'awa yake samu da kuɗinsa?

Duk wanda ya tsaya a layin tashi na gudun fanfalaki a 'yan shekarun nan ya ga yadda ƙafafun mutane suka canza. Takalma masu kaurin ƙasa, masu launi mai ɗaukar ido, har a ƙafar waɗanda za su yi awa biyar kafin su isa ƙarshe. Abin ya samo asali ne a 2017, lokacin da kamfanin Nike ya fitar da Vaporfly 4% a kan dala 250. Ya ƙara ƙarfi a watan Oktoban 2019, da Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Vienna, sanye da samfurin gwaji na Alphafly. Daga nan kowane babban kamfani ya fito da nasa.

Ga ƙwararru an gama magana, takalmin yana aiki. Wanda ke cikin ruɗani shi ne mai gudun sha'awa, mai fita sau uku ko huɗu a mako, wanda ke yin kilomita 10 cikin minti 55 zuwa 65, ko fanfalaki cikin awa huɗu da wani abu. Shi ne ake tallata wa cewa takalmin zai rage masa wahalar gudu da kashi 4 cikin 100, alhali ba a kan irin gudunsa aka auna wannan adadi ba. Ra'ayina tun daga farko shi ne: mafi yawan ribar da irin wannan mutum zai samu tana cikin soson takalmin da rashin nauyinsa, kuma ana iya sayen waɗannan biyu ba tare da an biya kuɗin fallen kabon da ake binnewa a cikin soson ba. Amma akwai waɗanda kwalliya za ta biya musu kuɗin sabulu, kuma ana iya gane su.

Ma'aunai huɗu

Na farko, minti nawa takalmin zai rage maka a saurin da kake gudu, ba a saurin Kipchoge ba. Na biyu, kuɗin kowace kilomita, wato farashi a raba da nisan da takalmin zai yi kafin ya mutu. Na uku, sauƙin sha'ani: shin za ka iya sa shi kullum, a kowace hanya, ko na ranar tsere ne kaɗai. Na huɗu, haɗarin rauni. Na farkon ne ya fi buƙatar bayani, domin a nan ake yaudarar kai.

Daga ina kashi 4 ya fito?

A Jami'ar Colorado da ke Boulder, Wouter Hoogkamer da Rodger Kram da abokan aikinsu suka ɗora maza 18 ƙwararrun 'yan gudu a kan injin gudu, suka auna iskar oksijin da suke sha a saurin kilomita 14 da 16 da 18 a awa. Sanye da Vaporfly, ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa ya ragu da kimanin kashi 4 cikin 100 idan aka kwatanta da takalman tsere biyu na wancan lokaci. Nike ne ya ɗauki nauyin binciken, amma wasu masu bincike da ba ruwansu da kamfanin sun sake gwadawa daga baya, sun kuma sami ragi mai kama da wannan. Don haka adadin ba ƙarya ba ne.

Sai dai ka lura da saurin. Mafi ƙarancinsa, kilomita 14 a awa, shi ne gudun mai gama fanfalaki cikin awa uku. Mai awa huɗu yana tafiya ne a kan kilomita 10 da rabi a awa. Da Dustin Joubert da abokan aikinsa suka gwada wani sabon samfurin Vaporfly a kan masu gudu a hankali, a binciken da suka wallafa a 2023, ragin ya faɗi zuwa kashi 1.4 a saurin kilomita 12 a awa, da kashi 0.9 a saurin kilomita 10. Wasu daga cikin mutanen ma takalmin ƙara musu wahala ya yi a wannan saurin na ƙasa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Soson yana matsewa idan ka taka, ya dawo maka da wani ɓangare na ƙarfin idan ka ɗaga ƙafa. Gwargwadon ƙarfin takunka, gwargwadon abin da zai adana ya mayar. Mai gudu da sauri yana dukan ƙasa da ƙarfi, ƙafarsa kuma ba ta daɗewa a ƙasa. Mai gudu a hankali takunsa ya fi laushi, ya fi daɗewa, saboda haka abin da ke dawo masa bai kai na wancan ba.

Abu na gaba shi ne wanda tallace-tallace ba sa son faɗa. A cikin takalmin akwai abubuwa uku da ke aiki tare: soso mai kauri da ake yi da sinadarin PEBA, siririn falle na zaren kabon mai lanƙwasa da aka binne a tsakiyar soson, da kuma siffar ƙasan takalmin da ta ɗaga ta gaba don ƙafa ta mirgina. Mutane suna ɗauka fallen ne ke cilla su gaba. A wancan binciken na Colorado an matsa takalman da na'ura, aka ga soson Vaporfly yana mayar da kashi 87 na ƙarfin da aka danna masa, tsohon soson EVA kuwa kimanin kashi 66. Bayan wasu shekaru Laura Healey da Hoogkamer suka ɗauki zarto suka yanyanka fallen da ke cikin Vaporfly har ya daina tauri, suka sake aunawa. Bambancin da ya fito tsakanin lafiyayyen takalmi da yankakken ƙanƙani ne, bai kai a dogara da shi ba.

Wannan ba ya nufin fallen ba shi da aiki. Soso mai laushi mai kaurin kusan milimita 40, in babu abin da ya riƙe shi, gudu a kansa kamar gudu ne a kan katifa: ƙafa za ta nutse, ta karkace. Fallen yana daidaita shi, yana kuma hana gaɓar babban yatsa lanƙwasawa sosai, wanda a nan ma ana asarar ƙarfi. Amma aikin daidaitawa ba lallai sai kabon ba. Fallen nailan yana yi, faɗin ƙasan takalmi ma yana yi.

Akwai na huɗu da ake mantawa da shi, wato nauyi. An daɗe da sanin cewa kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara wa mai gudu aikin kimanin kashi 1 cikin 100. Takalmin tsere mai kabon yana kusa da giram 200, na yau da kullum kuwa yakan kai 280 zuwa 300. Duk binciken da na ambata da takalma marasa nauyi aka kwatanta. Don haka wanda ya sauko daga takalmin atisaye mai nauyi zai ji bambanci fiye da kashi 0.9 ɗin nan, kuma ba ƙarya jikinsa yake masa ba. Sai dai kusan rabin abin da ya ji rashin nauyi ne kawai, wanda kowane takalmi mara nauyi zai ba shi.

Zaɓi na ɗaya: takalmin tsere mai kabon

Irin su Vaporfly da Alphafly na Nike, Adizero Adios Pro na Adidas, Metaspeed na Asics, Endorphin Pro na Saucony. Shi ya fi kowa rage lokaci, babu gardama, musamman idan saurinka ya haura kilomita 12 a awa. Farashinsa yakan kusa ninka na takalmin yau da kullum.

Matsalarsa ta farko gajeren rai. Don a rage nauyi, robar ƙasansa siririya ce, wani wurin ma babu ita sam, soson ne ke taka kwalta kai tsaye. Wanda ke sauka da dunduniya ko yake jan ƙafa idan ya gaji, zai ga gefen dunduniyar ta waje ya fara zaizayewa tun takalmin bai tsufa ba. Soson kansa yana mutuwa. Wani bincike da Víctor Rodrigo-Carranza ya jagoranta ya kwatanta takalmin PEBA da na EVA suna sababbi, sannan bayan kowanne ya yi kilomita 450. Suna sababbi na PEBA ya fi da kusan kashi 2. Bayan kilomita 450 bambancin ya ɓace, domin na PEBA ya lalace, na EVA kuwa kusan yana nan yadda yake. Takalmin zai ci gaba da sawuwa, amma abin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Babban misalin wannan shi ne Adizero Adios Pro Evo 1, mai giram 138, da ya fito a kan dala 500, wanda Tigst Assefa ta sa ta yi awa 2 da minti 11 da sakan 53 a Berlin a 2023. Don tsere ɗaya aka ƙera shi.

Matsala ta biyu rashin tsayuwa. Dogo ne, mai laushi, dunduniyarsa matsattsiya. A miƙaƙƙiyar hanya, kana da ƙarfinka, daɗi ne da shi. A kwana mai kaifi, ko hanya mai ramuka, ko jiƙaƙƙiyar kwalta, za ka ji idon sawunka yana aikin da bai saba ba. Wannan ya fi shafar mai gudu a hankali, domin an tsara takalmin ne don wanda zai gama kafin salon gudunsa ya wargaje. Mai awa huɗu da rabi, daga kilomita 32 zuwa sama, takunsa ya gajarce, ƙafarsa tana faɗawa ciki, wani lokaci yana haɗawa da tafiya. Tafiya a cikin irin wannan takalmi ba daɗi, kuma a daidai lokacin da ya fi buƙatar abin da zai tallafe shi ne takalmin ke rawa a ƙarƙashinsa.

Batun rauni kuwa a yi shi da adalci. A 2023 Adam Tenforde da abokan aikinsa sun wallafa rahoton 'yan gudu biyar da suka sami raunin gajiyar ƙashi a ƙashin nabikula, wani ƙaramin ƙashi a tsakiyar ƙafa ta ɓangaren ciki, duk suna amfani da takalmi mai kabon. Mutum biyar ba su isa a ce takalmin ne ya jawo ba. Abin da ya tabbata shi ne takalmi mai tauri yana sauya inda nauyi ke sauka a ƙafa, kuma ƙashi da jijiya suna buƙatar makonni kafin su saba da sabon aiki. Wannan ƙashin kuma ba ya samun jini sosai, yana jinkirin warkewa. Ciwo a saman tsakiyar ƙafa wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, yake ƙaruwa idan ka yi tsalle a ƙafa ɗaya, ba na jurewa ba ne. A ajiye gudu a je wurin likita.

Wata riba da masu sa shi ke yawan faɗa ita ce washegarin tsere ƙafafu ba sa yin tsami kamar dā. Na yarda da su. Amma wannan ma daga kaurin soso yake zuwa.

Zaɓi na biyu: mai soson tsere, da fallen nailan ko babu falle

Wannan rukuni ne ya canza lissafin gaba ɗaya, domin a 2017 kusan babu shi. A lokacin in kana son sabon soso, kusan dole ka sayi mai kabon. Yanzu akwai irin Endorphin Speed na Saucony mai fallen nailan, da Superblast na Asics da Adizero Evo SL na Adidas waɗanda ba su da falle. Sosonsu na ajin tsere ne ko kusa da shi, nauyinsu yana tsakiya, ƙasansu ya fi faɗi, robarsu ta fi kauri. Yawancinsu farashinsu yana tsakanin na yau da kullum da mai kabon, ko da yake akwai waɗanda suka kusa kamo mai kabon, don haka a duba.

A saurin kilomita 10 zuwa 12 a awa, ina ganin wannan ne ke ba da mafi yawan ribar. Ka sami sabon soso, ka zubar da giram 50 zuwa 70, kuma takalmin yana lanƙwasawa daidai yadda zai bi ƙafarka ko kana sauri ko kana sassarfa. Za ka yi atisayen sauri da shi, ka yi dogon gudun ƙarshen mako, ka shiga tsere da shi, ba tare da ka sa abin da ƙafarka ba ta sani ba ranar gasa. Aibinsa shi ne shi ma sosonsa yana rasa ƙarfi kafin na EVA, kuma idan ka kai saurin kilomita 14 za ka ji bai kai mai kabon kaifi ba.

Gargaɗi ɗaya: akwai takalma masu araha da ake rubuta wa kabon a jiki, amma sosonsu tsohon EVA ne. Wannan shi ne sayen abu mafi ƙarancin amfani a bar mafi amfani. Ka tambayi irin soson kafin ka tambayi irin fallen.

Zaɓi na uku: takalmin yau da kullum

Shi ya fi araha, ya fi daɗewa, yakan yi kilomita 600 zuwa 800, ya fi tsayuwa, ba ya zaɓen hanya. Ba zai rage maka lokaci ba. Ko wane zaɓi ka yi a sama, kana buƙatarsa, domin a cikinsa ake yin yawancin kilomitocin mako. Mai kabon ƙari ne a kansa, ba madadinsa ba, kuma wannan ya kamata ya shiga lissafin kuɗi.

| Ma'auni | Mai kabon | Mai soson tsere, nailan ko babu falle | Na yau da kullum |
|---|---|---|---|
| Farashi | Kusan ninki biyu | Yawanci tsaka-tsaki | Mafi araha |
| Nauyi | Wajen giram 200 | Wajen giram 220 zuwa 250 | Wajen giram 280 zuwa 300 |
| Riba a kilomita 14 a awa | Mafi girma | Matsakaiciya | Babu |
| Riba a kilomita 10 a awa | Ƙarama, ba ga kowa ba | Kusa da ta mai kabon | Babu |
| Daɗewa | Gajere | Matsakaici | Dogo |
| Tsayuwa idan an gaji | Rauni | Da dama | Mai kyau |
| Amfani | Tsere da ɗan atisaye | Kusan komai | Kullum |

Ga yadda kuɗin kilomita yake. A ɗauka na yau da kullum 100 ne, ko da wane kuɗi kake ƙirgawa, ya yi kilomita 700. Mai kabon 180, ribarsa ta ƙare a kilomita 400. Na farkon kowace kilomita 100 ta ci 14 da ɗan kai, na biyun ta ci 45. Ninki uku ke nan, ba biyu ba kamar yadda farashin jikin kwali ya nuna. Hanya mafi sauƙi ta rage wannan giɓi ita ce sayen samfurin bara idan sabo ya fito. Bambancin samfurin bana da na bara yawanci bai taka kara ya karya ba.

Mutum biyu masu awa 4 da minti 3

A ɗauki misalin mutum biyu, mace da namiji, kowannensu ya gama fanfalaki cikin awa 4 da minti 3, kowannensu burinsa ya sauka ƙasa da awa huɗu. Awa 4 da minti 3 minti 243 ne. Suna buƙatar su zubar da minti uku da 'yan sakanni, wato kimanin kashi 1.3 cikin 100. A irin wannan sauri, abin da aka rage na ƙarfi yana komawa lokaci kusan ɗaya bisa ɗaya, domin iska ba ta tokare su kamar yadda take tokare ƙwararru. Kashi 1 na minti 243 kuwa minti 2 ne da sakan 26.

Ita macen ta yi rabin farko cikin awa 2 da minti 1, rabi na biyu cikin awa 2 da minti 2. Ta san saurinta, ta ci abin da ya kamata a hanya, ba ta faɗi ba. Ta riga ta matse abin da za a matse a ranar. Kuma da takalmin yau da kullum mai giram 290 ta yi. Idan ta koma mai kabon mai giram 200, a ƙiyasina za ta iya samun kusan kashi 1 daga nauyi, da wani kusan kashi 1 daga soso da falle. Jimla wajen minti huɗu zuwa biyar, in takalmin ya dace da ita. Ta tsallake. Idan kuma na tsakiya ta saya, za ta iya samun wajen minti uku zuwa huɗu, wanda shi ma yana bakin layi. Abin da ƙarin kuɗin mai kabon ya saya mata a kan na tsakiya bai fi minti ɗaya zuwa biyu ba. A wurinta, wannan minti ɗin na iya zama shi ne tsakanin 3:59 da 4:00, kuma ba zan ce mata ta yi wauta ba idan ta biya.

Shi namijin ya yi rabin farko cikin awa 1 da minti 55, rabi na biyu cikin awa 2 da minti 8. Minti 13 ke tsakani. Ya tashi da zafi, daga kilomita 30 ƙafa ta ƙi, ya gama yana ja. Matsalarsa ba ta takalmi ba ce. Da ya fara da minti 5 da sakan 40 a kowace kilomita maimakon minti 5 da sakan 27, ya kuma ƙara dogon gudu a shirinsa, da ya dawo da abin da ya fi minti uku kyauta. Mai kabon ma yana iya ƙara jefa shi cikin rami, domin a kilomita goma na farko takalmin yana sa mutum ya ji kamar ba ya taka ƙasa, sai ya ƙara wuta. Bayan nan ya shiga kilomita 35 a gajiye, a kan takalmin da ba ya tallafar gajiyayye.

Lokacinsu ɗaya, amma shawararsu ta bambanta. Kafin ka duba farashi, buɗe agogonka ka duba rabe-raben tserenka na ƙarshe. Idan rabi na biyu ya fi na farko jinkiri da sama da minti biyar ko shida, akwai mintuna masu araha da ba ka kwashe ba tukuna.

A gajeren tsere lissafin ya fi ƙanƙanta. Mai yin kilomita 10 cikin awa ɗaya, kashi 1 a wurinsa sakan 36 ne. Rana mai zafi ko dare ɗaya na rashin barci sun fi haka tasiri. Mai awa uku a fanfalaki kuwa, idan ya sami kashi 3 na minti 180, ya zubar da fiye da minti biyar, a matakin da kowane minti ke cin watannin horo.

Akwai hujjar da ta saɓa wa ra'ayina, kuma ya dace a faɗe ta. A 2018 jaridar New York Times ta tattara sakamakon tsere kusan rabin miliyan daga manhajar Strava, na gama-garin masu gudu, ta ga waɗanda suka koma Vaporfly sun ƙara sauri da kashi 3 zuwa 4. Adadi ne mai nauyi. Amma a wancan lokaci kusan babu takalman tsakiya, don haka mutanen daga tsohon soso suka yi tsalle. Sannan mutum yakan kashe irin wannan kuɗi ne a tseren da ya fi shirya wa, kuma raba tasirin shiri da na takalmi yana da wuya ko da an yi ƙoƙari.

Yadda za ka gane ko ya dace da kai

Tunda ribar ba ɗaya take ga kowa ba, gwaji ya fi karatu. Idan ka sami aro ko shagon da ke barin a gwada, hau injin gudu a saurin tserenka. Yi minti biyar da tsohon takalminka, biyar da sabo, biyar da sabo, biyar da tsoho, kana hutawa daidai a tsakani, ka rubuta bugun zuciyarka na minti biyun ƙarshe a kowane zagaye. Wannan jeri yana hana gajiya ta fifita ɗaya. Idan sabon ya sauke bugun da uku ko huɗu a minti, a zagaye biyun duka, alama ce mai kyau. Idan bambancin ɗaya ne ko babu, kada ka gina komai a kai, agogon hannu yana kuskuren da ya kai haka.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci ga mai gudu a hankali, kuma ba a cika yin sa ba. Sa takalmin a ƙarshen dogon gudu, lokacin da ka gaji, ka yi kilomita uku ko huɗu da sassarfa, ka sha kwana biyu ko uku, ka yi ɗan tafiya. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta baya. Idan dunduniyarka tana zamewa ciki daga kan soson a kowane taku, wannan samfurin ba naka ba ne, ko nawa ya rage maka a injin gudu.

In ka saya, ka shigar da shi a hankali. Fara makonni shida zuwa takwas kafin tsere, sau ɗaya a mako, da gajeren atisaye, sannan dogon gudu ɗaya ko biyu a saurin tsere. Tsamin sha-raɓa ko agara na kwana ɗaya ko biyu a farko ba abin mamaki ba ne, wanda ya ƙi tafiya shi ne abin kula. Sauran ranaku ka koma tsohon takalminka, don ƙafarka ta huta kuma soson ya kai ranar gasa da ransa. Dokar hukumar World Athletics ta 2020, wadda ta taƙaita kaurin takalmin tseren hanya a milimita 40 da falle ɗaya, ta fi shafar masu neman kambu da kafa tarihi. In kana cikin masu fafutukar samun matsayi, duba ƙa'idar gasar kafin ka sayi wanda ya wuce wannan kauri.

Wa ya sayi wanne?

Mai yin fanfalaki cikin awa uku da rabi ko ƙasa, ko kilomita 10 cikin minti 45 ko ƙasa, wanda atisayensa ya zauna: sayi mai kabon, ka ajiye shi don tsere da 'yan atisayen sauri. A wannan sauri kana kusa da mutanen da aka auna.

Mai awa uku da rabi zuwa huɗu da kwata, wanda rabe-rabensa suka daidaita kuma minti biyu ko uku suka raba shi da wani buri, ko da lokacin cancantar shiga wata gasa: mai kabon yana da hujja, bayan gwajin gajiya, kuma samfurin bara ya wadatar. Wanda ba shi da irin wannan layi a gabansa, na tsakiya zai ba shi kusan abin da yake nema, ya kuma yi masa aikin mako.

Mai awa huɗu da rabi zuwa sama, da mai haɗa gudu da tafiya, da wanda ke shirin fanfalakinsa na farko: na tsakiya mai faɗin ƙasa, ko ma na yau da kullum mara nauyi. Awa biyar a kan ƙafa tana buƙatar takalmin da ba ya matsi kuma ba ya rawa.

Wanda ya taɓa samun tsagewar ƙashi a ƙafa, ko yake fama da agara, ko idon sawunsa yake yawan gurɗewa: ya tsaya a kan wanda jikinsa ya sani, sai ya yi shawara da mai duba shi. Wanda kuma kuɗinsa na takalmi ɗaya ne a shekara, kada ya zama mai kabon, domin zai cinye shi a atisaye kafin ranar tsere ta zo.

Saura mai cewa shi dai daɗin gudu da shi yake ji, kuma yana da halin saye. Wannan dalili ne da ya isa, matuƙar yana da takalmi na biyu na sauran ranakun mako.